Yadda ake neman lambar haraji a intanet ba tare da hoto ya tsayar da kai ba

Cikin mutum goma da ke shigowa shagona da fom ɗin da suka fara cikewa suka kasa ƙarasawa, yawancinsu wuri guda suka maƙale. Sun rubuta suna, sun rubuta ranar haihuwa, sun zaɓi jiha da ƙaramar hukuma, sai suka iso wani ɗan akwati mai rubutun Choose File ko Upload. Suka zaɓi hotonsu mafi kyau, abin ya yi ta juyawa, can sai jan rubutu ya fito: File too large. Daga nan sai a fara zagin sabis, a sake sayen data, a sake gwadawa sau biyar, alhali sabis bai san hawa ba bai san sauka ba. Hoton ne ya yi wa ƙofar girma.

Kafin mu shiga aikin, a fahimci abin da intanet zai iya yi da wanda ba zai iya ba, don kada mutum ya biya kuɗi a banza. Lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa, ba a gama samunta daga kan waya. Dole mutum ya je cibiyar rajista da ƙafarsa a ɗauki zanen yatsunsa goma da hoton fuskarsa a can. Duk wanda ya ce ka turo masa hoto ta waya zai fitar maka da sabuwar NIN daga ɗakinsa, ka riƙe kuɗinka. Inda ɗora hoto da takardu ke shigowa shi ne bayan an sami lambar: wajen gyaran suna ko ranar haihuwa a shafin gyaran bayanai na NIMC, da wajen buɗe asusu a shafukan hukumomin haraji. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, sun ɗaure lambar harajin mutum da NIN ɗinsa, ta kamfani kuma da lambar rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Saboda haka wasu shafukan ba sa neman hoto kwata-kwata, na jikin NIN suke jawowa. Wasu kuwa har yanzu sai ka ɗora hoton fasfo da takardar shaida da hannunka. Wannan bayanin na waɗannan ne.

Zan bi misalin wata Hajiya mai sayar da atamfa, wadda aka nemi lambar harajinta kafin a ba ta kwangilar kawo yadin anko. Shafin da za ta yi rajista ya nemi abu biyu: hoton fasfo, JPG, kada ya wuce 100KB, da takardar NIN, PDF, kada ta wuce 500KB. Kowane shafi da tasa iyakar, wani 50KB, wani 200KB, wani har 2MB, don haka ka ɗauki waɗannan alƙaluman a matsayin na misalinmu kawai. Hanyar dai ɗaya ce.

Fara da leƙa ƙofar

Kada ka fara cike komai. Ka shiga shafin, ka tabbata adireshinsa ya ƙare da gov.ng, domin shafukan bogi masu kama da na gwamnati sun cika sakamakon bincike, kuma su ma suna da tambari da koren launi. Sannan ka nemi ɗan rubutun da ke ƙarƙashin akwatin ɗora hoto ko a shafin umarni. Ƙaramin rubutu ne, galibi da launin toka, ido na tsallake shi. Ka kwafe shi a takarda yadda yake.

Dalilin yin haka tun farko shi ne shafukan nan suna da agogo. In ka bar fom a buɗe ka tafi neman yadda za ka rage hoto, kana dawowa za ka tarar da Session expired, duk abin da ka rubuta ya tafi. Fayilolinka su kasance a shirye cikin jaka guda kafin ka rubuta harafin farko. Haka kuma layin wayar da aka yi rajistar NIN da shi ya kasance a hannunka, saboda can ake turo lambar tabbatarwa. In ka manta NIN ɗin ma, danna *346# daga wannan layin zai nuna maka ita, ana cire ɗan kuɗi kaɗan daga katinka.

Abu uku da mutane ke haɗawa wuri guda

A wannan ɗan rubutun da ka kwafa akwai sharuɗɗa iri uku, kuma kowanne da maganinsa. Wanda bai raba su ba zai yi ta shan maganin ciwon kai alhali ciki ne ke ciwo.

Na farko nau'in fayil ne, wato haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunansa: .jpg, .png, .pdf, .heic. JPG da JPEG abu ɗaya ne, kada wannan ya rikita ka. Na biyu faɗi da tsawon hoton, wanda ake aunawa da ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto, ana kiran su fiksel. Na uku nauyinsa, wato wurin da yake ci a cikin waya, wanda ake rubutawa da KB ko MB. MB ɗaya KB 1024 ne, ko ka ce dubu don sauƙin lissafi.

Ka ɗauke shi kamar buhun da za a ba direba. Akwai irin buhun, akwai girmansa, akwai abin da sikeli ya nuna. Direban na iya ƙin ɗauka don kowanne daga cikin ukun. Amma girma da nauyi suna tafiya tare, kuma nan ne sirrin aikin yake. Kyamarar waya ta yau da kullum tana ɗaukar hoto mai faɗin fiksel 4000 da tsawon 3000, wato ɗigo miliyan 12. Hoton Hajiya da ɗanta ya ɗauka ya kai 3.4MB, kusan KB 3,500. Shafin na son 100. Ya ninka abin da ake nema har sau 35.

To hoton fasfo na gaske fa, ɗigo nawa yake buƙata? Girman da aka fi sani a duniya shi ne milimita 35 a faɗi, 45 a tsawo. In za a buga shi tsaf da ɗigo 300 a kowane inci, lissafin ya ba da fiksel 413 a faɗi da 531 a tsawo. Ka ninka su, za ka samu ɗigo wajen dubu 219. Ka ga ke nan cikin miliyan 12 da wayar ta tara, kashi ɗaya cikin hamsin da biyar kaɗai ake buƙata, sauran lodi ne na banza. Wasu shafukan sun fi son murabba'i na inci biyu-biyu, wanda ya zama 600 da 600. In shafin bai faɗi girma ba, nauyi kawai ya ambata, ni 413 da 531 nake amfani da shi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Wannan ya sa nake cewa a fara rage fiksel kafin a taɓa inganci. Manhajojin matse hoto da yawa suna barin girman yadda yake, su yi ta murƙushe ingancin har nauyin ya sauka. Sakamakon shi ne fuska mai dabbare-dabbare kamar an zana ta da tubali, gefen ido da baki duk sun narke. Shafin zai karɓa, tunda sikeli kawai yake dubawa, amma ma'aikacin da zai duba daga baya na iya mayar maka da takardarka. Hoton da aka fara mayar wa 413 da 531 kuwa, da kansa yake saukowa tsakanin KB 40 zuwa 70, fuska garau.

Ɗaukar hoton

Hoton da ɗan Hajiya ya kawo na biki ne. Ta sha gwaggwaro, bayanta labule mai furanni, kafaɗar wata a gefe. Na ce, “Hajiya, a yi haƙuri, sai mun sake wani.” Ta ce, “Ɗan nan, wannan fa shi ne kowa ke yabawa.” Na ce ai shi ya sa, ya fi ƙarfin ofishin haraji.

Ana son bango fari ko mai haske, marar ado. In bangon ya yi datti, farin yadi da aka miƙe ya wadatar, a dai tabbata bai yi ƙudundune ba. Mutum ya tsaya kamar taku ɗaya gaban bangon, kada ya jingina, don inuwarsa ta faɗi ƙasa maimakon ta manne a bayan kunnensa. Haske ya zo daga gabansa: ya fuskanci ƙofa ko taga da hantsi ko bayan la'asar. Rana tsaka tana sa ido ya faɗa rami, filasha kuma tana sa goshi ƙyalli. Mai ɗauka ya ja baya kamar taku biyu, wayar daidai tsayin idon wanda ake ɗauka, da kyamarar baya. Kyamarar gaba da ake riƙewa da hannu tana kumbura hanci, wasu wayoyin kuma suna goge fata su haska ta ba tare da an tambaye su ba, to a kashe wannan gyaran fuskar gaba ɗaya.

Ga mai hijabi, abin lura shi ne fuskar ta fito tun daga goshi har ƙasan haɓa, kumatu biyu a bayyane. Sannan kada a sa farin hijabi a gaban farin bango, domin kai da bango sai su zama ɗaya, fuska ta rage tana reto ita kaɗai. Hajiya farin ne a jikinta ranar, sai da aka aro mata ruwan toka daga maƙwabciyar shago. Mai tabarau ya cire shi, ya huta da ƙyallin gilashi. Baki a rufe, ido a kan kyamara, kai a miƙe.

Kada ka ɗauki hoton tsohon hoton fasfo na takarda da waya. Kullum sai ya fito da ƙyalli da karkata, ga tambarin sitefula a kusurwa.

Matsalar nau'i

Mun sake hoto da wayar ɗan Hajiya, sai ga wata sabuwa: sunan fayil ɗin ya ƙare da .heic. Tun 2017 wayoyin iPhone suke ajiye hoto a wannan nau'in, kuma shafukan gwamnati kaɗan ne suka san shi. Amsar da za ka gani ita ce Invalid file type, ko kuma hoton ya ƙi bayyana sam a lokacin zaɓa. Gyaran yana cikin wayar: ka shiga Settings, sai Camera, sai Formats, ka zaɓi Most Compatible, sannan ka sake ɗaukar hoton. Zaɓin ba ya komawa kan tsofaffin hotuna, sababbi kawai yake shafa. Wasu wayoyin Samsung ma suna da irin wannan a saitin kyamara da sunan High efficiency pictures, a kashe shi.

Dabarar da yara ke yi ta goge .heic su rubuta .jpg a wurinsa ba ta canja komai. Ka rubuta “gero” a jikin buhun dawa, dawa ce dai a ciki. Wani shafin zai gane nan take ya ƙi, wani kuma, wanda ya fi muni, zai karɓa ya ajiye abin da babu mai iya buɗewa, sai bayan mako ka ji an ce babu hotonka. Canjin nau'i na gaske shi ne a buɗe hoton a manhaja a sake ajiye shi da sabon nau'in.

Haka hoton allon waya, wato screenshot, wanda wasu ke yi wa hotonsu don ya rage nauyi. A wayoyi da yawa PNG yake fitowa, mai nauyi, ga baƙaƙen layuka sama da ƙasa, ga agogo da alamar batir a kusurwa. Ka bar shi.

Yanka, sannan ragewa

Yanzu muna da JPG mai kyau amma mai nauyi. A kan kwamfuta mai Windows, manhajar Paint da ke zuwa da ita ta isa, ba sai ka sauke komai ba. Ka fara yin kwafin hoton, ka yi aiki a kan kwafin, asalin ya zauna lafiya.

Buɗe shi a Paint, ka danna Select, ka ja akwati daga ɗan saman kai zuwa ƙirji, kafaɗu biyu a ciki, fuskar a tsakiya. Akwatin ya fi tsawo a kan faɗi, kamar bakwai a faɗi tara a tsawo. A ƙasan allon Paint yana nuna maka alƙaluman yayin da kake ja. Na Hajiya na ja shi ya zama wajen 1400 da 1800. Danna Crop. Daga nan ka danna Resize, ka zaɓi Pixels, ka tabbata zaɓin Maintain aspect ratio yana kunne, wanda a sababbin Windows alamar sarƙa ce tsakanin akwatunan biyu. Ka rubuta 413 a Horizontal, na ƙasan zai cika kansa ya zama 531 ko kusa da haka. In ka kashe sarƙar ka cusa alƙaluma biyun da ƙarfi, fuska za ta miƙe kamar gwanda ko ta baje kamar faranti. In alƙalumin ƙasan ya yi nisa da 531, yankan ne bai yi daidai ba, ka koma ka sake yanka. Ƙarshe ka je File, Save as, JPEG picture.

Sai a auna. Danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, ka duba layin Size. Akwai wani a ƙarƙashinsa, Size on disk, wanda galibi ya ɗan fi yawa, ba shi shafin ke dubawa ba. Na Hajiya ya nuna 58KB. Kada ka yi wasa da bakin iyaka: in an ce 100KB, fayil mai 99.8 na iya faɗuwa, saboda wani shafin yana ƙirga KB a matsayin 1000, wani 1024. Ka bar rata ta kashi goma cikin ɗari.

In shafin naka mai tsauri ne, irin masu cewa 30KB, a nan ne za ka taɓa inganci. Paint ba ya ba da wannan zaɓin, amma manhajar Photos ta Windows tana da Resize image mai ɗan sandar Quality. Ka sauko da ita zuwa 70, ka auna, in bai isa ba zuwa 60. Ƙasa da haka fuska ta fara lalacewa, gara ka rage faɗin zuwa 300 ka bar ingancin. Kowane gwaji ka fara shi daga kwafin da ka yanka, domin JPG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake ajiye shi, kamar kaset ɗin da ake ta kwafa daga kwafi. Akwai kuma shafukan da ke sa iyaka ta ƙasa, su ce tsakanin 20KB da 50KB. In naka ya faɗi ƙasa da 20, ka matse shi da yawa ke nan, koma asali ka ɗaga ingancin.

Ga 'yan'uwana masu kafe da ke yin wannan sau talatin a rana, in an sa manhajar ImageMagick a kwamfutar, layi guda yana gama ragewar bayan an yanka hoton an ajiye shi da sunan yanka.jpg:

```
magick yanka.jpg -auto-orient -resize 413x531 -strip -define jpeg:extent=90kb fasfo.jpg
```

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yankan a cikin manhajar hotuna ta wayarsa, a zaɓin Crop. Ragewar ce ke neman ko dai Resize, in manhajar wayar tana da shi, ko wata ƙaramar manhaja da ke aiki ba tare da data ba. Gwajinta mai sauƙi ne: ka kashe data, in ta ci gaba da aiki, a cikin wayarka take rage hoton. Akwai kuma dabarar tura wa kanka hoton ta WhatsApp, wanda ke rage shi ya mayar da shi JPG, in dai a matsayin hoto ka tura, ba Document ba. Tana fitar da kai in iyakar 500KB ce ko 1MB. Ga iyaka irin 50KB kuwa sau da yawa ba ta kai ba, kuma ba ka da iko a kan girman da zai fito.

Takardar shaida

A nan abin da ake kallo shi ne rubutu, ko kowane alƙalami na karantuwa. Ka shimfiɗa takardar NIN a kan tebur mai duhu, ka goge idon kyamarar da gefen riga, ka ɗauka daga sama daidai, kusurwoyi huɗu duk a ciki. In an yi mata leda, ka kauce wa fitila, ka juya ta har ƙyallin ya bar kan rubutu. A wayar Android, manhajar Google Drive tana da Scan. A iPhone, manhajar Notes tana da Scan Documents. Dukansu suna miƙe takardar su fitar da PDF kai tsaye.

Mai na'urar sikanin a shago, ya duba alƙalumin DPI, wato yawan ɗigo a kowane inci. Takarda A4 a 300 tana zama fiksel 2480 da 3508, in da launi ce tana iya wuce 2MB. A 150 tana zama 1240 da 1754, kuma rubutun ofis na karantuwa sarai. In shafin bai ce lallai sai mai launi ba, zaɓin Grayscale yana ƙara rage nauyi. Kada ka zaɓi Black and White zalla, yana mayar da hoton jikin takardar baƙin tabo, hatimi kuma ya ɓace. Ta Hajiya a 150 da launinta ta tsaya a 310KB, sai na bar mata launin.

In hoton takarda kake da shi a JPG kuma PDF ake so, ka fara rage shi zuwa faɗin 1240, sannan ka buɗe shi ka danna Print, ka zaɓi Microsoft Print to PDF. Tsarin yana da muhimmanci: PDF ambulan ne kawai, in ka zuba hoto mai nauyi a ciki, da nauyinsa zai zauna. Bayan ka gama, ka buɗe fayil ɗin ka faɗaɗa shi, ka karanta alƙaluma 11 ɗin ɗaya bayan ɗaya. In kai kana kokwanton 3 ne ko 8, ma'aikacin ma zai yi.

Ni ba na ɗora takardar shaidar kowa a shafukan nan na kyauta masu matse PDF. Takarda ce mai suna, hoto, adireshi da lamba, kana miƙa ta ga wanda ba ka san inda yake ba. Na san mutane na yi kuma suna kwana lafiya, amma tunda akwai hanyar da ba sai ta fita daga hannunka ba, ban ga dalili ba.

Sunan fayil, abin da ya fi shafar mu

Wannan ya taɓa cinye min rabin yini. Hoto daidai, nauyi daidai, nau'i daidai, shafin yana ta cewa Upload failed ba wani ƙarin bayani. Ashe na sa wa fayil ɗin sunan mai shi, kuma a sunan akwai alamar nan ta sama irin ta Sa'adatu da Mu'azu. Wasu shafukan ba sa jure ta, haka ba sa jure ɗ da ƙ da ɓ, wani lokaci har tazara tsakanin kalmomi ko ɗigo biyu a suna guda. Tun daga ranar, sunaye biyu nake amfani da su ga kowa: fasfo.jpg da nin.pdf. Ƙananan haruffa, babu ƙugiya, babu tazara.

Cike fom da ɗorawa

Yanzu ne za ka buɗe fom ɗin. Ka ajiye takardar NIN a gabanka ka kwafi sunan harafi da harafi, a jerin da yake. In an rubuta Muhammed a can, kada ka gyara shi zuwa Muhammad don ka fi son haka, na'urar tana gwada abin da ka rubuta da abin da ke rumbun NIMC, bambancin harafi ɗaya na iya jawo Record not found. In sunan da ke NIN ɗin ne ba daidai ba, can za a fara gyarawa, shafin haraji ba ya gyara shi. Ranar haihuwa ma ka lura ko rana ce farko ko wata. Lambar waya da imel su zama naka, kada mai kafe ya sa nasa, domin duk saƙon da zai biyo baya, har da na sauya kalmar sirri, can zai riƙa zuwa.

Da ka iso akwatin, danna Choose File, ka zaɓi fasfo.jpg. A shafuka da yawa zaɓa daban, ɗorawa daban: akwai wani maɓallin Upload a gefe da sai ka danna shi, ka jira alamar kore ko ɗan hoton ya bayyana. Mutane na tsallake wannan su wuce zuwa Submit, fom ya tafi babu hoto. In ɗan hoton ya fito a kwance alhali a wayarka a tsaye yake, wayar ce ta ajiye shi a kwance ta liƙa masa umarnin juyawa, shafin kuma bai karanta umarnin ba. Buɗe shi a Paint, ka tabbata yana tsaye, ka sake ajiyewa.

Jan rubutun da ke fitowa yana gaya maka inda ciwon yake. File too large, ko farin shafi mai 413 Request Entity Too Large, nauyi ne. Invalid file type nau'i ne. Duk saƙon da ya ambaci dimensions ko resolution, fiksel ne, kuma matse nauyi ba zai taɓa shi ba. Amma 500, 502 ko 504 Gateway Timeout daga ɓangarensu ne, fayil ɗinka lafiya lau yake, kada ka ƙara rage shi. Ka bari sai da sassafe ko bayan isha'i, lokacin da cunkoso ya ragu. In a waya kake yi kuma maɓallin ya ƙi dannuwa ko ya ɓuya, ka buɗe shafin a Chrome ka zaɓi Desktop site. Burauzoji masu tsimin data sukan hana ɗora fayil.

Submit sau ɗaya ake dannawa. In ya daɗe yana juyi, ka jira, domin dannawa biyu na iya haifar da buƙata biyu da suna ɗaya, warware wannan kuma sai an je ofis. Da shafin ƙarshe ya fito, ka kwafi lambar bibiya a takarda da biro kafin ka taɓa komai, sannan ka sauke takardar shaidar in akwai maɓallin Download ko Print.

Na Hajiya ya wuce a gwajin farko. Na buga mata kwafi biyu, na tura fasfo.jpg da nin.pdf zuwa wayar ɗanta a matsayin Document don kada a sake matse su, tunda banki ko wani shafin zai sake nema. Sannan na juyo da allon ta gani, na goge su daga jakar Downloads da Recycle Bin, na danna Log out. Tana gyara mayafi ta ce, “To yanzu wancan na bikin fa?” Na ce yana nan a wayar, ko ɗigo ɗaya ba a taɓa masa ba.